A sha iska, a sha KitKat: inda fassarar kalma da kalma ke karyewa

Duk wanda ya taɓa aikin fassara ya san cewa ba dogon rubutu ne ke hana barci ba. Rahoto mai shafi arba'in kana iya zama da shi bayan la'asar, kafin dare ya raba ka ci rabinsa. Abin da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro shi ne 'yar jimlar nan mai kalma shida ko bakwai da masu talla ke kawowa, su ce ai ba ta da yawa, a juya musu ita kafin a tashi daga aiki. In aka yi rashin sa'a an gina taken a kan kalma mai harshen damo, wadda ke faɗin abu biyu a numfashi ɗaya, to mai fassara ya shiga uku, domin ƙamus ba zai cece shi ba.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Taken tallan da aka ɗora a kan wasa da kalma ba a fassara shi, sake ƙera shi ake yi. Fassarar kalma da kalma tana da wurinta, kuma zan faɗi wurin, amma ba kan allon talla ba ne, ba kuma bakin mai karanta sanarwa a rediyo ba. Sai dai ba na so in tsaya a faɗar ra'ayi kawai, gara mu ɗauki take guda ɗaya sananne mu feɗe shi har wutsiya, mu ga abin da wasu harsuna suka yi da shi, sannan mu gwada shi da namu.

Taken shi ne na cakulan ɗin nan mai 'yan yatsu huɗu, wanda ake rubutawa a Turance kamar haka: "Have a break, have a KitKat." Kamfanin Rowntree na birnin York a Ingila ne ya fara yin cakulan ɗin a 1935, aka raɗa masa sunan KitKat a 1937, daga baya Nestlé ta sayi kamfanin a 1988. Shi kuwa taken, wani ma'aikacin kamfanin talla na J. Walter Thompson a Landan mai suna Donald Gilles ne ya rubuta shi a 1957, shekara guda bayan haka ya shiga talabijin. A lokacin ma'aikatan masana'antu da ofisoshin Ingila suna da al'adar ajiye aiki da misalin sha ɗaya na safe su sha shayi, kuma wannan ɗan lokacin aka yi wa taken. Kalma ta uku a cikinsa, break, ita ce mai harshen damon. Tana nufin ɗan sararawar da ma'aikaci ke yi a tsakiyar aiki, tana kuma nufin karya abu. Shi kuwa wannan cakulan, ba a cinsa sai an karya: ka tsaga takarda, ka ɓalle yatsa ɗaya daga 'yan uwansa, ka ji ƙas. Wato kalma ɗaya ta ɗauko lokacin da ake so ka tuna da kayan, ta kuma ɗauko abin da hannunka zai yi da shi.

Akwai dabara ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba, alhali ita ce ke sa taken ya zauna a ka. Aikatau ɗaya, wato have, aka maimaita a ɓangarorin biyu. A Turanci kalmar da ake amfani da ita wajen ɗaukar hutu ita ce dai ake amfani da ita wajen cin abu, don haka jimlar ta zo kamar tagwaye, rabin farko yana jan na biyu. Mai fassarar da bai ga wannan ba zai yi ta fama da kalmar karyawa, ya manta cewa ginin yana da ginshiƙi biyu.

Yanzu dubi yadda aka yi da shi a wurare daban-daban. A Sifen an bar maganar karyawa gaba ɗaya, aka riƙe tagwaitakar. Suna da aikatau guda da ke aiki wajen shan numfashi da wajen cin abu, sai suka ce, a ma'ana, ɗauki numfashi, ɗauki KitKat. Ya kama har ya zama mutanen Sifen kan ce bari mu yi kitkat idan suna nufin a ɗan dakata da magana ko aiki. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an ɗauki kalmar Turancin yadda take, aka rubuta ta da haruffan Larabci aka saka cikin jimlar Larabcin kasuwa, saboda ma'aikatan ofis a can da ita suke kiran hutun tsakiyar aiki. A Faransa sau da yawa ana barin taken a Turancinsa, a sa 'yar tauraruwa, a rubuta fassararsa da ƙananan haruffa a ƙasa, domin dokar Toubon ta 1994 ta wajabta amfani da Faransanci a talla. Wannan fassarar ta ƙasa kalma da kalma ce, ba kwalliya, kuma ba wanda ya sa ran ta burge kowa. Aikinta cika sharaɗin doka ne.

Na Rasha ne ya fi burge ni. A Rashanci akwai kalmar da ake furtawa kamar "yest", wadda ke nufin "akwai", kuma ita ce dai ke nufin "ci". Sai suka ce "Yest pereriv, yest KitKat". Kana iya jinsa a matsayin "akwai hutu, akwai KitKat", kana iya jinsa a matsayin "akwai hutu, a ci KitKat". Ba maganar karya komai a ciki. Wanda ya rubuta shi ya ga cewa kalmarsu ta hutu ba ta da alaƙa da ɓalle abu, sai ya ɗauke wasan daga kan suna ya mayar da shi kan aikatau. Ba wasan da aka ba shi ya dawo da shi ba, wani ya ƙera, amma ya faɗo a daidai gurbin, ya kuma riƙe tagwaitakar. A Jafan kuwa sa'a ce ta faɗo musu daga sama: yadda suke furta sunan ya yi kama da "kitto katsu", wato lalle za ka yi nasara, har cakulan ɗin ya zama tsarabar da ake ba ɗalibai lokacin jarrabawar shiga jami'a. Kamfanin bai ce a'a, mu hutu muke sayarwa ba. Ya rungumi abin, har a 2009 suka haɗa kai da hukumar gidan waya ta ƙasar aka riƙa sayar da kwalin da za ka rubuta wa ɗalibi fatan alheri a kai ka aika masa.

To, a ce yau an kawo wa mai fassarar Hausa wannan take. Gwaji ne nawa na kaina, ba wanda ya sa ni, amma matakan su ne dai waɗanda ake bi a aikin gaske.

Abu na farko da hannu zai rubuta shi ne "Ka sami hutu, ka sami KitKat." Kowace kalma tana da takwararta, malamin makaranta zai ba da maki cikakke, amma ba Bahaushen da zai faɗi haka. "Samun hutu" a kunnenmu na ɗan makaranta ne da aka sallama ƙarshen zango, ko ma'aikacin da aka ba wata guda ya tafi gida, ba minti goman da tela zai ɗaga ƙafa daga keke ba. "Ka sami KitKat" kuwa kamar addu'a ce, ko kamar an ce ka je ka nemo. Ga kuma matsalar da Turancin bai da ita: da ka ce "ka", ka sallami mata, da ka ce "ki", ka sallami maza, in ka ce "ku" kuma abin ya koma sanarwar hukuma. Mai ɗan wayo zai gyara ya ce "A huta, a ci KitKat." Wannan Hausa ce lafiyayya, kuma "a" ta raba gardamar jinsi. Amma duba abin da ya zube a hanya: karyawar ta tafi, tagwaitakar ta tafi tunda aikatau ya zama biyu, abin da ya rage shawara ce irin ta likita. Ba laifi a ciki, ba kuma abin da zai sa yaro ya maimaita shi a hanya.

Akwai wani da ya zo mini da sauri har na yi murna: "Ɗan hutu, ɗan KitKat." Tagwaitakar ta dawo, gajere ne, yana da daɗin faɗa, kuma "ɗan" ta rage hutun ya koma na 'yan mintoci kamar yadda ake so. Sai da na faɗe shi da ƙarfi sau biyu na ji abin da na yi. Ɗan hutu a Hausa ai shi ne yaron gidan masu hali, wanda bai san rana ba, fatarsa luwai-luwai. Taken da aka yi wa leburan masana'anta ya koma cewa wannan cakulan na 'ya'yan masu kuɗi ne. Wani kamfanin zai so hakan, in kayan ƙawa yake sayarwa. Amma wannan shawara ce ta mai kaya, ba abin da mai fassara zai shigar ta bayan gida ba tare da ya sani ba. Na kawo wannan ne don a ga cewa tsayawa kusa da kalmomin asali ba ya kare mutum daga harshen damo. Harshen da kake fassarawa zuwa cikinsa yana da nasa tarkunan, kuma ba ya neman izininka kafin ya ɗana su.

Sai babbar gwaninta, wadda duk mai jin Hausa da ya fahimci wasan Turancin zai hango: karya. Muna karya icce, muna kuma karya kumallo, har ma mun gajarta, mukan ce "Ka karya kuwa?" ko "Zo mu karya." Ga kalma ɗaya da ke nufin ɓalle abu, take kuma nufin zama a ci wani abu. Da wuya a sami wani harshe da ya yi wa taken nan kyauta irin wannan. "Zo mu karya, ga KitKat." Hannu yana ɓalle yatsan cakulan a hoto, murya tana gayyata. In gasar fassara ake yi, an gama.

Amma talla ba gasa ba ce, kuma a nan ne nake rabuwa da abokan aikina masu son a ce sun yi fasaha. Karyawa a Hausa ta safe ce. Duk wanda ka ce wa ya zo ku karya, koko da ƙosai yake hangowa, ko shayi da burodi. Taken asali yana so ka tuna da kayan a tsakiyar aiki, ko da hantsi ko da yamma, mu kuma mun ɗaure shi da fitowar rana, mun kuma ce wa iyaye cakulan abin karin kumallo ne. Wannan da'awa ce a kan abinci wadda mai kayan bai yi ba, kuma a Najeriya tallan abinci sai ya bi ta hannun hukumar NAFDAC da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON kafin ya fita.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mu dubi kalmar a rubuce. Haruffa biyar ɗin nan, in ba a sa ƙugiya ba, kalma uku suke ɗauka. Akwai karya ta ɓalle abu, wadda murya ke farawa sama ta sauko. Akwai karya macen kare, wadda murya ke farawa ƙasa ta hau. Akwai kuma ƙarya kishiyar gaskiya, mai ƙ. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, don haka biyun farko ba su da bambanci a takarda ko kaɗan. Ta ukun kuwa ƙugiya ce kawai ta raba ta da su, kuma kowa ya san yadda ƙugiya ke ɓacewa tsakanin kwamfutar mai zane da injin buga allo, musamman in an zaɓi salon haruffan da ba shi da Ƙ babba. Shekara da shekaru muna karanta saƙonnin waya marasa ƙugiya, idonmu ya saba sa ta da kansa inda ya ga dama. Ka rubuta KARYA da manyan haruffa kusa da sunan kaya a bakin titi, ka ba masu barkwanci abin yi na mako guda.

Wani zai ce to a bar allo, a tsaya a rediyo inda murya ke raba gardama. Nan ma akwai rami. Idan aka ce "mu karya" ko "a karya", ƙaramar kalmar da ke gaba ta nuna aikatau ne, ba matsala. Amma masu talla suna son gajarta, wani zai ce a cire "zo mu", a bar umarni tsagwaronsa: "Karya da KitKat!" Umarni a Hausa yana sauya karin sauti, murya ta fara ƙasa ta hau, kamar yadda muke cewa "Zauna!" ko "Kama!" Da ka yi wa wannan kalma haka, furucinta ya koma kusan daidai da na macen kare. Ka ga an tashi daga gayyatar cin cakulan an koma labarin karya da KitKat, kamar sunan tatsuniya. In kuma tallan zai kai zangon Kumasi ko Akara, inda Hausar da yawa daga masu magana ba ta cika raba k da ƙ ba, katangar da ke tsakanin karyawa da ƙarya ta ƙara sirancewa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Wata ɗaya a kowace shekara, "zo mu karya" da rana tsaka magana ce da ba mai son a ji ta a bakinsa. Da magariba buɗa baki muke yi, ko shan ruwa. Karya azumi kuwa ɓata shi ne. Talla da aka saya wa lokaci na wata shida a gidan rediyo, ba wanda ya duba kalandar Musulunci, sai ga shi ana tsakiyar Ramadan da azahar murya mai daɗi tana cewa a zo a karya. Baturen da ya amince da taken a hedikwata ba zai taɓa hango wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Aikin wanda ya ƙera taken Hausar ne ya rubuta gargaɗin tun ranar farko.

Saboda haka na ajiye "karya", duk da ita ce ta fi kusa da wasan asali, na bi hanyar mutumin Rasha: in wasan bai zauna a kan suna ba, a gwada aikatau. Wace kalma ce a Hausa ke aiki wajen hutawa, take kuma aiki wajen kai cakulan baki? Sha. Muna shan iska idan mun gaji da zaman ɗaki ko shago. Muna kuma shan alawa, shan rake, shan mangwaro, shan cakulan. "A sha iska, a sha KitKat." Tagwaitakar ta dawo cif. Shan iska ba shi da lokaci, ana yinsa da hantsi, ana yinsa da la'asar, kuma na 'yan mintoci ne, ba hutun zango ba. Ba harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki, don haka mai buga allo ba shi da abin ɓatawa. Mace da namiji, babba da yaro, duk "a" ta kwashe su. Sha na farko aron magana ne, na biyu na zahiri, kuma wannan ɗan tsallen da kunne ke yi daga iska zuwa cakulan shi ne murmushin da taken asali ke nema.

Ba zan ce ba shi da tabo ba. Karyawar ta fita daga kalmomi, sai dai a mayar da ita wani wuri: a rediyo a sa ƙarar ɓallewar, ƙas, tsakanin rabin farko da na biyu, a allo kuma hoton hannu ya yi aikin. Na biyu, cikin cakulan ɗin biskit ne mai ƙaras-ƙaras, kuma akwai waɗanda za su ce biskit ci ake yi, ba sha ba. Wannan sai an fita an tambayi masu saye da masu kanti, a ji wanne bakinsu ya fi kawowa. Na uku ya fi ba ni dariya: idan biskit ya kwana a buɗe ya yi laushi, me muke cewa? Ya sha iska. Ga kayan da duk alfaharinsa ƙarar karyewa ce, ga take mai ɗauke da kalmomin da ake faɗa idan ya lalace. Abin da ya cece shi tsarin jimlar ne. Muddin "a sha iska" ce a gaba, mutum ne mai shan iskar. Ranar da wani mai zane ya ga ya fi kyau a sa sunan a sama da manyan haruffa, a rubuta "sha iska" a ƙarƙashinsa, an gama da mu. Wannan ma sai an rubuta shi a takardar miƙa aiki: kada a juya, kada a gutsure.

Duk da haka shi zan zaɓa, domin raunukansa irin waɗanda ake iya tsarewa ne da umarni guda biyu, na "karya" kuwa suna cikin kalmar kanta.

Yanzu ga inda rigimar take a zahiri. Mafi yawan masu ba da irin wannan aiki ba sa jin Hausa. Manajan yana Legas ko wata ƙasa, kuma hanyar da yake da ita ta sanin abin da ka rubuta ita ce ya ba wani ya mayar masa da shi Turanci. Ka yi tunanin abin da zai gani: an ce masa taken yana cewa a kurɓi iska, a kurɓi cakulan. Zai ɗauka mai fassarar ya zautu. A gefe guda ga "Ka sami hutu, ka sami KitKat", wanda in aka mayar da shi zai fito daidai da nasa, kalma bayan kalma. Wanne kake jin zai sa wa hannu? Na taɓa yi wa wani kamfanin kayan miya irin wannan aiki, na kai musu abin da na san zai zauna a bakin mata a kasuwa, aka dawo mini da shi da jan biro wai bai yi daidai da na asali ba. Wanda ya yi daidai ɗin aka sa a rediyo, ya yi watanninsa ya wuce, ban taɓa jin ko yaro ya kwaikwaye shi ba. Tsarin tantancewar da kansa yana ba fassarar da ta fi muni lada, saboda ita ce ta fi kyau in an juya ta baya.

Ban ga laifin manajan ba sosai. Kuɗinsa ne, sunan kayansa ne, kuma yana da hujjar tsoron mai fassarar da zai mayar da kansa mawaƙi. Kamfanoni suna kashe dukiya wajen mallakar 'yan kalmomin nan. Nestlé ta yi shekaru tana shari'a da kamfanin Mars a kan ko za ta iya yi wa rabin farko na taken rajista shi kaɗai a matsayin alamar kasuwancinta, har maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai a 2005. Wanda ya sha wannan wahala ba zai so a wayi gari kowace ƙasa tana faɗin abin da ta ga dama da sunansa ba. Shi ya sa wasu ke cewa a bar taken a Turancinsa ko'ina, kowa ya huta. Amsata ita ce wannan yana aiki ne inda masu saye ke jin Turancin har su kama wasan. Mai sauraron rediyo a Gumel ko Tasawa, in ka bar masa jimlar yadda take, sauti kawai ka ba shi. Ba wasa, ba ma'ana, sai sunan kaya a ƙarshe, wanda da ma ko ba take zai ji shi.

Maganin tsoron manaja ba shi ne a ba shi fassarar da ta mutu ba. A ba shi abin da zai yanke hukunci da shi. Ni yadda nake miƙa irin wannan aiki, take uku nake kaiwa, ba ɗaya ba. A ƙarƙashin kowanne in sa fassararsa ta kalma da kalma, komai muninta, sannan in yi bayani a jimla biyu ko uku: ga abin da Bahaushe zai ji, ga abin da aka riƙe daga na asali, ga abin da aka saki, ga haɗarinsa, ga inda ya dace da inda bai dace ba, rediyo ko allo ko jikin kwali. Nan ne gidan fassarar kalma da kalma: tagar da mai kaya zai leƙa ya ga cikin ɗakin. Haka kuma ita ce sarauniya a duk inda magana ta zama alkawari, kamar farashi, nauyin kaya, sinadaran da ke ciki, ranar lalacewa, sharuɗɗan gasa, gargaɗin magani. A can ba na son fasahar kowa, har da tawa.

Kafin in kai ukun nan kuwa, sai sun bi ta wasu hannaye. Ina karanta su da ƙarfi ga mutanen da ba su taɓa ganin Turancin ba, domin wanda ya san na asali yana cike giɓi da kansa ba tare da ya sani ba. Ba na tambayarsu ko ya yi daɗi, kowa zai ce ya yi don kada ya kunyata ni. Ina bari sai washegari in ce su maimaita mini abin da na faɗa jiya. Wanda ya dawo daidai shi ne mai rai, wanda aka dawo da shi da gyara kuwa, sau da yawa gyaran ya fi nawa. Ina rubuta su da manyan haruffa ba ƙugiya in miƙa wa wani ya karanta ba shiri, in saurari inda zai yi tuntuɓe. Sannan in nemi mafi iya shaƙiyanci a cikin abokaina, irin wanda ba ya barin magana ta wuce, in ce ya ɓata mini su. Abin da ya samo cikin minti biyar, 'yan majalisar bakin titi za su samo shi cikin biyu. In tallan zai tsallaka iyaka, sai an ji bakin mutumin Sakkwato da na Damagaram, ba na Kano kaɗai ba.

Wannan aikin kwana uku ne ko huɗu, kuma a nan ne batun kuɗi ke shigowa. Ana biyan fassara ne bisa yawan kalmomi. In aka bi wannan lissafi, taken da ya ci maka rabin mako ladansa ladan kalma bakwai ne, bai kai kuɗin katin da ka kira mutane da shi ba. Wanda aka biya haka ba zai je neman "sha iska" ba, zai rubuta "ka sami hutu" cikin minti ɗaya ya wuce, kuma ba za a ce ya ci amana ba. Yawancin tallan Hausa marasa gishiri da muke ji, waɗanda kana saurare kana jin ƙasusuwan Turanci suna motsi a ƙarƙashinsu, ba rashin gwanaye ne ya haife su ba. Masu harshen da mai tallan goro da mai maganin gargajiya a tasha ke tsayar da mutum da kirari ɗaya ba za a ce sun rasa masu ƙera take ba. An kawo aikin ne a makare, bayan an gama hoto da kiɗa da tsawon daƙiƙun da muryar za ta cika, aka miƙa wa wanda ke kusa, aka biya shi kuɗin kalma bakwai. Ni dai yanzu idan aka kawo mini take, tambayata ta farko ba nawa za a biya ba ce. Ina tambaya ko an riga an ɗauki hoton, da kuma watan da tallan zai fara fita.